Turaren mai na farko: abin da nake rubutawa tun daga ranar awo

3 ga Maris

Kaya sun haɗu. Akwai man hohoba, da ake matsewa daga ƙwayar wata shuka, wanda zai zama man sirki, da tatattun mayukan ƙamshi guda huɗu: na ɓawon wani nau'in lemo mai suna bagamot, na furen labanda, na furen ilan-ilan da man itacen al'ul. Akwai kwalaben gilashi masu launin ƙasa-ƙasa na mililita 15, da kwalba ɗaya ta mililita 10 mai ƙwallo a baki wadda ake murzawa a fata, da ƴan bututun ɗiga mai, da takarda mai kauri da na yayyanka siri-siri don sansana. Abin da ya fi min muhimmanci cikinsu duka shi ne ƙaramin sikeli mai iya auna giram 0.01.

Hohoba na zaɓa saboda a asalinsa kakin zuma ya fi kama da shi fiye da mai, sai dai ruwa-ruwa ne, don haka ba ya saurin yin ɗoyin tsohon mai kamar yadda man almon ke yi. Warinsa kaɗan ne ƙwarai, ba zai yi gardama da ƙamshin da zan zuba masa ba. Tataccen man kwakwa, wanda aka cire masa ɓangaren da ke daskarewa, shi ma yana yin wannan aikin, kuma ya fi hohoba tsinkewa. Ko wanne mutum ya samu ya wadatar.

Yau ban haɗa komai ba. Na ɗiga ɗigo ɗaya na kowane mai a kan takardarsa, na rubuta suna da lokaci, na jera su nesa da juna.

4 ga Maris

Takardun sun koya min abin da karatu bai gama koya min ba. Bagamot ya tashi da ƙarfi, mai haske, ɗan ɗaci-ɗaci irin na ɓawon lemo, amma kafin awa biyu ya kusa ɓacewa. Labanda ta fi shi jimawa, tana nan har yamma ko da ta yi rauni. Ilan-ilan ya cika ɗakin, zaƙinsa mai nauyi ne har yana iya sa ciwon kai idan aka kusanta hanci da yawa. Al'ul kuwa da farko kamar ba shi nan, ƙamshin fiƙen fensir ne kawai a hankali, amma da safiyar yau shi ne ya fi kowa tsayuwa a kan takarda.

Wannan shi ne abin da masu haɗa turare ke nufi da ƙamshin sama, na tsakiya da na ƙasa. Ba wani sirri ba ne, saurin tashi a iska ne ya bambanta su. Mai ƙananan ƙwayoyi marasa nauyi yana rigan kowa isa hanci kuma yana rigan kowa tafiya, mai nauyi yana zama a baya ya riƙe sauran kaɗan.

Na kama takardun biyu-biyu, uku-uku a hannu ɗaya ina kaɗa su a gaban hanci. Bagamot da labanda sun shige cikin juna har ba na iya cewa ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara, kuma akwai dalili: dukansu suna ɗauke da sinadarai iri ɗaya guda biyu masu yawa, linalol da linalil asitet. Ilan-ilan sai na ja takardarsa can ƙasa da sauran kafin ya daina danne su. Daga nan na tsayar da rabon farko cikin kashi goma: bagamot 3, labanda 3, al'ul 3, ilan-ilan 1.

Hanci yana gajiya da sauri. Bayan ƴan mintuna komai sai ya koma wari ɗaya, dole in fita in sha iska kafin in ci gaba.

6 ga Maris

Yau ranar lissafi ce, kuma ita ce ranar da na fi so in rubuta dalla-dalla.

Zan yi turare giram 10 gaba ɗaya, don lissafin ya zo da sauƙi. Ƙarfin da na zaɓa na farawa shi ne kashi 5 cikin 100, wato giram 0.5 na mayukan ƙamshi a cikin giram 9.5 na hohoba. Man da ake shafe jiki duka da shi ba ya kaiwa nan, kashi 1 zuwa 3 ake yi masa, na fuska ma ƙasa da haka. Turaren murzawa yana iya ɗan haurawa saboda wuri kaɗan yake taɓawa, wuyan hannu da gefen wuya.

Sai dai kashi 5 ɗin nan jimla ce kawai, kuma jimla ba ta ce komai game da kowane mai shi kaɗai ba. Wasu mayukan suna da iyakarsu ta daban, kuma ana lissafa iyakar ne a kan turaren da aka gama, wanda zai hau fata, ba a kan haɗin mayukan zalla ba. Don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bagamot kashi uku ne cikin goma na giram 0.5, ya zama giram 0.15. A cikin giram 10, wannan kashi 1.5 ne cikin 100. Ƙungiyar IFRA, wadda ke fitar da ƙa'idojin amfani da kayan ƙamshi ga masana'antun turare na duniya, ta sa iyakar bagamot da aka matse daga ɓawo a kashi 0.4 cikin 100 ga duk abin da zai zauna a fata rana ta same shi. Nawa ya kusa ninka wannan sau huɗu, alhali turaren gaba ɗaya yana nan a kashi 5 da kowa zai ce mai sauƙi ne.

Dalilin iyakar shi ne wani sinadari mai suna bagaftin da ke cikin ɓawon. Shi kaɗai a fata ba ya yin komai da za a ji. Idan hasken rana ya sauka a wurin, sai ya ƙona fatar, ta yi ja, wani lokaci har da bororo, bayan ta warke kuma ta bar baƙin tabo da kan yi watanni. Tabon yakan ɗauki siffar yadda turaren ya gangara a wuya, shi ya sa likitocin fata suka daɗe da sanin sa. Abin da ya sa yake da haɗari ga mai haɗawa a gida shi ne gwajin fata na cikin ɗaki ba zai nuna shi ba.

Na duba kwalbata da kyau. An rubuta cewa matsewa aka yi, kuma babu haruffan FCF, waɗanda ke nuna an cire wa man wannan sinadarin. Hanyoyi uku ne a gabana. In rage shi zuwa giram 0.04, wanda bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba, kuma ba za a ji shi ba a gefen ilan-ilan. Ko in canza shi da man lemon zaƙi, wanda ba shi da wannan matsalar amma kuma ba shi da ɗacin nan da nake so. Ko in nemo mai FCF. Na uku na zaɓa. Wannan kwalbar za ta yi amfani wajen ƙamsasa ɗaki.

Ba bagamot kaɗai ke da wannan hali ba. Lemon tsami ƙarami da aka matse iyakarsa kashi 0.7 ce, babban lemon tsami mai launin ɗorawa kashi 2. Duk wanda zai sa ɗan lemo a turare ya fara tambayar yadda aka fitar da man.

Ilan-ilan matsalarsa daban ce, ba ruwansa da rana. Yana cikin mayukan da kan sa fata ta ƙi su bayan an daɗe ana shafawa, kuma iyakar da ake ba shi ba ta wuce kusan kashi 0.8 cikin 100 ba. Nawa giram 0.05 ne, wato kashi 0.5. Ya tsaya a ƙasa, amma na ja masa layi a littafi, domin idan na ɗaga turaren zuwa kashi 10 da wannan rabon, shi zai koma kashi 1 ya tsallake. Labanda da al'ul ba su da iyaka mai tsauri irin wannan a ƙarfin da nake aiki.

Na so in sa ɗan kanumfari ko kirfa don ɗumi, amma na ajiye tunanin. Iyakar man kanumfari kashi 0.5 ce, ta man ɓawon kirfa ba ta ma kai kashi 0.1 ba, sikelina ba zai iya auna wannan da gaskiya a cikin giram 10 ba.

12 ga Maris

Bagamot mai FCF ya iso. A kan takarda ya ɗan fi wancan sirantaka, amma bagamot ne.

Kafin in haɗa, na gwada ɗigo a sikeli don in ga ko ana iya dogara da shi. Ɗigo goma na bagamot da ɗigo goma na al'ul ba su ba ni nauyi ɗaya ba, kuma da na canza bututu lambar ta sake canzawa. Bagamot tsinkakke ne, yana zubowa da gudu, al'ul mai kauri ne, sai ya taru a bakin bututu ya yi nauyi kafin ya faɗo. Ƙa'idar nan ta ɗigo 20 a mililita ɗaya kintace ce, wani man sai ya kai 30 ko fiye. Idan tazarar da ke tsakanin mutum da iyaka ɗigo ɗaya ce, kintace bai isa ba.

Giram 0.05 ma ya yi wa sikelin ƙanƙanta, kuskuren 0.01 kaɗai ya zama kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake aunawa. Saboda haka na fara haɗa mayukan zalla da yawansu, giram 2: bagamot 0.6, labanda 0.6, al'ul 0.6, ilan-ilan 0.2. Na ɗora kwalba a sikeli, na mayar da shi sifili, na fara da al'ul, ina sake mayar da sifili bayan kowane mai. Daga wannan haɗin na ɗebi giram 0.5 zuwa wata kwalbar, na cika da hohoba giram 9.5, na rufe, na jujjuya ta a tsakanin tafukan hannu. Giram 10 na hohoba ya fi mililita 11, shi ya sa na yi aikin a kwalbar mililita 15.

Kowane mai da bututunsa. Ban bar bututu mai kan roba a cikin man zalla ba, domin man yana cin robar ta yi laushi ta narke a ciki. Taga a buɗe take duk tsawon aikin, kuma ban bari man zalla ya taɓa yatsuna ba.

Na rubuta a jikin kwalba: kwanan wata, kashi 5, da rabon mayukan.

Ƙamshin yau a warwatse yake. Ina jin kowane mai a tsaye shi kaɗai, ilan-ilan a gaba. Na sa kwalbar a cikin durowa, wuri mai duhu da sanyi.

14 ga Maris

Gwajin fata. Na ɗan shafa kamar girman farce a cikin hannu, ƙasa da gwiwar hannu, na bar shi ban wanke ba. Abin da nake dubawa iri biyu ne. Na farko zafi ko ja da ke zuwa nan take, wanda ke nuna man ya yi wa fata ƙarfi. Na biyu ƙaiƙayi ko ƙananan ƙuraje da kan fito bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ne alamar jiki ya ƙi wani sinadari a ciki. Na biyun ya fi damuna, domin idan jiki ya riga ya koyi ƙin abu, yawanci ba ya mantawa, ko an rage ƙarfin daga baya. Da wani abu ya taso, zan goge wurin da hohoba zalla, in wanke da sabulu da ruwa, in daina.

16 ga Maris

Fata lafiya lau, ba ja ba ƙaiƙayi. Wannan bai zama tabbacin har abada ba, zan ci gaba da lura.

26 ga Maris

Na buɗe kwalbar bayan ta huta. Bambancin a fili yake. Kaifin labanda ya kwanta, al'ul ya fito ya zama shimfiɗa a ƙarƙashin sauran, kuma yanzu abu ɗaya nake ji, ba huɗu ba. Na zuba kaɗan a kwalbar murzawa na shafa a wuyan hannu.

A fata labarin ya bambanta da na takarda. Bagamot ya fi yin shiru, don mai yana riƙe ƙamshi ya sake shi a hankali, ba kamar turaren fesawa ba wanda sinadarin da ke ɗauke da shi ke tashi nan da nan ya watsa ƙamshin a iska. Turaren mai a jikin fata yake zama, sai wanda ya matso kusa zai ji shi. Wannan halinsa ne, ba aibi ba, kuma ƙara yawan man ƙamshi ba zai mayar da shi na fesawa ba.

Ƙanwata ta kama hannuna ta sansana, ta ce, "Yaya, yana da daɗi, amma furen nan ya yi zaƙi da yawa." Da yamma ta sake sansanawa ta ce ba ta jin komai sai ɗan itace. Duka biyun gaskiya ta faɗa. Ta nemi in shafa mata, na ce ta bari sai ta yi nata gwajin a hannu tukuna, fatarta ba tawa ba ce.

Gyara biyu ke nan a gabana: rage ilan-ilan, da ƙarfafa ƙasan turaren don ya jima.

29 ga Maris

Na kawo faculi. Man ganye ne, mai kauri, launinsa duhu, warinsa na jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohon itace. Kai tsaye daga kwalba bai yi min daɗi ba, amma takardar da na ɗiga shi tana nan da ƙamshi bayan sauran duk sun mutu, kuma da ya lafa ya koma wani abu mai taushi. Kaɗan ake sa shi, idan ya yi yawa shi kaɗai za a ji.

Sabon haɗi, giram 2 kamar wancan: bagamot 0.6, labanda 0.5, al'ul 0.6, faculi 0.15, ilan-ilan 0.15. Ban taɓa tsohuwar kwalbar ba, ina son ta zauna yadda take don in riƙa gwada su gefe da gefe.

Na kuma yanke shawarar ɗaga ƙarfin zuwa kashi 8, wato giram 0.8 na haɗi a cikin giram 9.2 na hohoba. Kafin in zuba na koma kan layin da na ja. Ilan-ilan yanzu giram 0.15 ne cikin giram 2, don haka a cikin 0.8 da zan ɗiba akwai giram 0.06 nasa, kashi 0.6 cikin 100 na turaren da aka gama. Yana ƙasa da iyaka. Da kashi 10 na tafi, da ya zama 0.75, ya tsaya a bakin layi ba tare da wurin kuskuren sikeli ba, kuma ba na son tsayawa a nan. Sauran sun fito haka: bagamot kashi 2.4, al'ul 2.4, labanda 2, faculi 0.6. Bagamot a kashi 2.4 ya yiwu ne kawai don mai FCF ne. Da wancan na farko ne, da ya ninka iyakarsa sau shida.

Tun da ƙarfi ya canza kuma sabon mai ya shigo, gwajin fata zai koma farko.

2 ga Afrilu

Gwaji na biyu ya wuce lafiya. Da safe na ga kwalbar ta ɗan yi hazo-hazo, don na matsar da ita wuri mai sanyi sosai. Hohoba ne, yana fara daskarewa idan sanyi ya sauko wajen digiri 10. Na riƙe ta a hannu na ɗan lokaci ta washe. Da hazon bai tafi da ɗumi ba, ko da na ga ɗigo-ɗigo a gindin kwalba, da sai in zargi ruwa ya shiga, daga jiƙaƙƙiyar kwalba ko bututu.

14 ga Afrilu

Na shafa na farko a hannun hagu, na biyu a dama. Na biyun ya fi zama daidai. Bagamot da labanda ne ke buɗewa, ilan-ilan yana shigowa daga baya ba tare da ya mamaye ba, kuma da rana ta yi nisa hannun hagu ya yi shiru, na dama yana nan da al'ul da faculi a hankali. Faculin ba ya fitowa da sunansa, sai dai a ji turaren ya yi gindi. Abin da har yanzu bai gamsar da ni ba shi ne farkonsa, wanda nake so ya ɗan ƙara haske. Ina tunanin musanya giram 0.1 na labanda da lemon zaƙi a haɗi na gaba.

Na cika kwalbar murzawa, ragowar na bar shi a ta gilashi mai duhu, a rufe gam. Iska da haske da zafi suna lalata sinadarin limonin da ke cikin bagamot da linalol da ke cikin labanda, kuma man da ya lalace haka ya fi sabo saurin tayar wa fata da hankali. Alamarsa ita ce hasken ƙamshin ya dushe, wani wari mai kaifi kamar na fenti ya maye gurbinsa. Don haka na rubuta ranar da na buɗe kowace kwalbar mai a jikinta, kuma na ba turaren kansa shekara ɗaya, ko ƙasa da haka idan warinsa ya juya.

A takardar jikin kwalba na ƙara layi biyu: ban da fuska, ido da fatar da ta yi rauni, kuma ba na yara ba ne. Wata ƴar'uwa mai juna biyu ta tambaye ni, na ce ta fara jin ta bakin likitarta. Mayukan zalla suna cikin akwati mai makulli, domin haɗiye ko kaɗan daga cikinsu haɗari ne ga yaro.

Gobe zan ɗiga lemon zaƙi a takarda in riƙe shi tare da haɗi na biyu in ji ko sun dace, kafin in auna komai.